Miliyan 12 Sun Shiga Banki, Amma Nawa Ne Cinikin Bana?

Mu ƙaddara wani kamfanin sola ne a Kano ya ƙulla ciniki da wani asibitin kuɗi da ya gaji da sayen dizal. A watan Satumba na 2024 aka sa hannu a takarda. Kamfanin zai kawo farantan sola da batura da inbata, ya turo ma'aikatansa su haɗa, sannan ya riƙa kula da kayan har shekara uku: wanke ƙurar hunturu daga kan farantai, duba batura, da zuwa cikin gaggawa duk ranar da wuta ta ɗauke. Kuɗin duka naira miliyan 12, kuma asibitin ya biya lakadan. A jikin rasit an rubuta miliyan 12 a gaban kaya, haɗawa da kulawa kuwa aka rubuta musu "kyauta".

Da shekara ta ƙare, akanta ya kawo wa mai kamfanin lissafi. Alhaji ya gyara tabarau, ya bi layin cinikin asibitin da yatsa, sai ya ga naira 9,360,000.

"Malam, ina sauran? Ba da idona na ga miliyan 12 sun shigo ba?"

"Sun shigo, ranka ya daɗe, suna nan a banki. Amma 2,640,000 daga ciki ba mu ci guminsu ba tukuna. Asibiti na bin mu aikin wata 33."

"Aikin da na ce kyauta ne?"

"Shi fa, Alhaji."

Akantan ne da gaskiya, kuma abin da ya tsaya a kai shi ne ƙa'idar da ake kira IFRS 15. Hukumar IASB da ke Landan, wadda ke tsara ƙa'idojin lissafin kuɗi na duniya, ita ta fitar da ita a watan Mayu na 2014 tare da takwararta ta Amurka, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018. Ta maye gurbin tsofaffin ƙa'idoji biyu, IAS 18 mai kula da ciniki na yau da kullum da IAS 11 mai kula da kwangilar gine-gine. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya suna bin IFRS tun 2012, Ghana ta riga mu tun 2007, don haka yawancin rahotannin shekara na manyan kamfanoni da suka zo hannunka a kan wannan ƙa'ida aka auna kuɗin shigarsu.

Tushen maganar kowane tela ya san shi. In ka kai ɗinki ana saura wata guda Sallah ka biya duka, kuɗin na aljihun tela amma amana ce a wuyansa sai ranar da ya miƙa maka riga. In ya kasa, dawo da su zai yi. IFRS 15 ta ɗauki wannan ta mayar da shi doka: ana rubuta kuɗin shiga ne lokacin da aka cika alkawari, wato lokacin da kaya ko aiki ya koma ƙarƙashin ikon mai saye. Ranar da kuɗi suka shigo daban, ranar da suka zama ciniki daban. Inda abin ke rikicewa shi ne idan takarda ɗaya ta ɗauko alkawura da yawa, wani a cika shi yau, wani a ja shi shekara uku, kuɗin kuma dunƙule guda. Ƙa'idar ta shimfiɗa matakai biyar: a tabbatar akwai yarjejeniya, a ƙirga alkawuran da ke cikinta, a san jimillar kuɗin, a raba kuɗin a kan alkawuran, sannan a rubuta kowane kaso yayin da aka cika nasa. Na farko da na uku ba su da gardama a cinikin asibitin nan, tunda an sa hannu kuma farashi a yanke yake. Sai dai a tuna, harajin da kamfani ya karɓar wa gwamnati ba ya cikin lissafi, don ba nasa ba ne. Rigimar tana cikin sauran ukun.

Alkawari nawa Alhaji ya ɗauka? Kafin a ware abu a ce alkawari ne mai zaman kansa, sai ya tsallake tambaya biyu. Ta farko, mai saye zai iya amfana da abin shi kaɗai, ko tare da wani abu da zai samu cikin sauƙi a kasuwa? Ta biyu, a cikin wannan yarjejeniyar, abin a ware yake, ko kuwa sinadari ne kawai na wani babban abu da aka yi alkawarin haɗawa?

Farantai da batura sun tsallake, domin asibitin zai iya saye ya kira wani mai haɗa sola, kuma masu wannan sana'a ba su yi wuya a Kano ba. Haɗawar ma ta tsallake, muddin haɗi ne na yau da kullum da kowane ƙwararre zai iya. Kulawar shekara uku ita ma a ware take, tunda kamfanin yana sayar da irinta ga mutanen da ba a wurinsa suka sayi kaya ba. Alkawura uku ke nan. Kalmar "kyauta" da ke kan rasit ba ta canza komai. Mai tumatir da ya auna miki kwano ya ƙara gyara, ya san ya lissafa gyaran a cikin farashi, haka nan asibitin ya yarda da miliyan 12 ne saboda ya san da haɗawa da kulawa a ciki. Da an ce babu su, da bai biya haka ba.

Tambaya ta biyu ita ce mai ba akantoci ciwon kai, kuma a ganina nan ne ake gane wanda ya karanta yarjejeniya da wanda rasit kawai ya duba. Magini da ya karɓi kwangilar gina gida zai kawo bulo da siminti da rodi da kwano, kowannensu ana sayar da shi daban a kasuwa. Amma mai gida bai ce a kawo masa bulo ba, gida ya ce a gina masa. Alkawari ɗaya ne. To haka abin zai zama da asibitin ya ce wa Alhaji: ku auna mana wutar da ɗakin tiyata da ɗakin gwaje-gwaje ke ci, ku zana tsarin da zai haɗa sola da janareta da wutar gwamnati ta yadda ba za a ɗauke ko na daƙiƙa ba, ku miƙa mana shi yana aiki. A nan kaya da haɗawa sun narke sun zama abu guda, ba za a rubuta cinikin batura don kawai mota ta sauke su a harabar asibiti ba. Kaya iri ɗaya, kamfani ɗaya, amma abin da aka yi alkawari ya bambanta, lissafi ma sai ya bambanta.

Akwai kuma garanti, wanda mutane ke rikita shi da kulawa. In kamfani ya ce in inbata ta zo da matsala daga masana'anta cikin shekara guda za mu canza, wannan tabbaci ne kawai cewa kayan lafiyarsu ƙalau. Ba a ware masa kason ciniki, sai dai a ƙiyasta abin da canjin zai ci a ajiye masa tanadi a ƙarƙashin wata ƙa'idar, IAS 37. Amma garantin da mai saye zai iya saya daban, ko wanda ya haɗa da ƙarin hidima irin wanke farantai, shi alkawari ne cikakke, kuma yana da kasonsa.

Yanzu rabon kuɗi. Ƙa'idar ta ce a nemo farashin da kamfanin ke sayar da kowane abu in shi kaɗai aka zo saye, sannan a raba kuɗin yarjejeniyar daidai gwargwadon waɗannan farashi. Akantan ya buɗe tsofaffin rasitai. Irin waɗannan kaya, in babu haɗawa, miliyan 10 ake sayar da su. Haɗi mai wannan girma 1,400,000 ne. Kulawa 100,000 ce a wata, wato 3,600,000 a wata 36. In aka tara sun kama miliyan 15. Asibitin ya biya miliyan 12, ashe rangwamen miliyan 3 ya samu, kashi 20 cikin ɗari. Wannan rangwame a kan kowa zai faɗa, kowane alkawari ya ɗauki kashi 80 cikin ɗari na farashinsa. Kaya suka tashi da miliyan 8, haɗawa 1,120,000, kulawa 2,880,000. Tara su ka gani, miliyan 12 ne cif.

Alhaji zai iya cewa, ai ni a kan kulawar na yi rangwamen, ku ɗora shi can duka. Ƙa'idar ta bar ƙofa, amma ƙarama: sai kamfani ya kawo hujjar da ake gani daga cinikin da ya saba yi, mai nuna cewa rangwamen na wani ɓangare ne takamaimai. Faɗar baki ba ta isa ba, abin da aka buga a rasit ma bai isa ba, tunda mai sayarwa ne ya rubuta shi da hannunsa.

In kuma kamfani bai taɓa sayar da abin shi kaɗai ba, dole a ƙiyasta. Ana iya duba nawa abokan hamayya ke karɓa a gyara shi daidai da halin kamfani, ko a lissafa abin da aikin zai ci, albashin masu gyara da man mota da kayan aiki, a ɗora riba mai ma'ana. Akwai hanya ta uku, a cire farashin sauran abubuwa daga jimilla a ce ragowar ta wannan ce, amma an taƙaita ta ga abin da farashinsa ke hawa da sauka sosai ko wanda ba a taɓa sa masa farashi ba. Dalilin taƙaitawar a fili yake. A cinikin nan, miliyan 12 a cire 11,400,000 na kaya da haɗawa, sai a ce kulawar shekara uku 600,000 ce, alhali kowa a kamfanin ya san ba haka ake sayar da ita ba.

Saura lokaci. Kaya sun isa asibiti a Satumba, an duba an sa hannun karɓa, sun zama mallakarsa, in gobara ta tashi asararsa ce. Miliyan 8 sun zama ciniki a ranar. Haɗawa ta ɗauki mako biyu, an gama kafin wata ya mutu, 1,120,000 suka bi sahu. Kulawa ta fara 1 ga Oktoba, kuma ita a hankali ake rubuta ta, domin asibitin yana cin moriyarta ne a daidai lokacin da ake yin ta. Wannan ɗaya ne daga sharuɗɗa uku da ke sa a rubuta ciniki sannu a hankali. Na biyu shi ne idan aikin yana ginuwa a kan abin da mai saye ke da iko da shi, kamar gini a filinsa. Na uku shi ne idan abin da ake ƙerawa ba zai yi wa kowa amfani ba sai wannan mai saye, kuma doka ta ba kamfani haƙƙin a biya shi aikin da ya riga ya yi ko da an fasa a tsakiya. In babu ko ɗaya cikin ukun, sai a jira ranar miƙawa a rubuta gaba ɗaya.

2,880,000 a raba gida 36, kowane wata 80,000. Ko watan da wuta ba ta ɗauke ba, ba a kira kowa ba, kamfanin ya ci kuɗinsa, domin abin da ya sayar ya haɗa da zama cikin shiri. Oktoba zuwa Disamba wata uku, 240,000. Haɗa da miliyan 8 da 1,120,000, ga 9,360,000 ɗin da Alhaji ya gani. A 2025 za a rubuta 960,000, a 2026 ma haka, a 2027 kuma 720,000 na wata tara. Ragowar da ba a ci ba tana zaune a ɓangaren basussukan kamfani, da sunan da za a iya fassarawa da bashin yarjejeniya, tana raguwa da 80,000 duk wata. Bashi ne na aiki, da gumi za a biya shi.

Rabon daidai wa daida ba farilla ba ne. Abin da ake so shi ne ma'aunin da ya fi nuna yadda aikin ke tafiya. Da yarjejeniyar ta ƙunshi babban garambawul a shekara ta uku wanda zai ci rabin wahalar, da sai a karkata kuɗin zuwa can. A manyan kwangiloli, irin tsarin ɗakin tiyatar nan da muka ce alkawari ɗaya ne, an fi aunawa da kuɗin da aka kashe. In ana sa ran aikin zai ci miliyan 7 kuma an kashe miliyan 3.5, an yi rabi, sai a rubuta rabin 9,120,000 na kaya da haɗawa, wato 4,560,000. Nan ma akwai tarko. Kamfani na iya sayo batura masu tsada ana gobe rufe shekara, ya jibge su cikin kwali a wurin aiki, kashe kuɗi ya yi tsalle, a takarda aiki ya kai kashi 90 alhali ko waya ɗaya ba a ja ba. Ƙa'idar ta hana wannan. Kuɗin da bai nuna ci gaban aiki ba ana cire shi daga ma'auni, haka ma asarar da sakaci ya jawo. Odita mai hankali ba ya tsayawa a ofis, yakan je ya ga ko kwalayen a buɗe suke.

Wani zai ce duk wannan wahala ta mece ce, tunda a ƙarshe miliyan 12 ɗin dai za a rubuta? Amsar tana cikin labarin Xerox, kamfanin injinan hoton takardu na Amurka. Yakan ba da inji da kulawa da biyan kuɗi kashi-kashi a yarjejeniya ɗaya. A 2002 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta zarge shi da dabarun lissafi, ciki har da tura kaso mai yawa zuwa kan inji, wanda ake rubutawa nan take, a rage na kulawa da ake jira. Hukumar ta ce ta haka ya jawo cinikin sama da dala biliyan 3 gaba da lokacinsa tsakanin 1997 da 2000. Kamfanin ya biya tarar dala miliyan 10 ba tare da ya amsa laifi ko ya musanta ba. Wannan ya faru ne a ƙarƙashin ƙa'idojin Amurka, shekaru kafin IFRS 15, amma dabarar ita ce ta rasit ɗin Alhaji, girma ne kawai ya bambanta. Wanda ya cinye cinikin baɗi a bana, ribar bana za ta kumbura, a raba wa masu hannun jari, manaja ya karɓi ladan ƙwazo, banki ya ƙara bashi. Baɗi kuma ga albashin masu gyara, ga man mota, babu ko kwabo na ciniki a gabansu.

Ko kamfanin da bai yi wata ƙumbiya-ƙumbiya ba ya ji sauyin a jikinsa. Rolls-Royce na Birtaniya, mai ƙera injinan jiragen sama, yakan sayar da inji da araha ya ci ribarsa a kulawar shekaru masu yawa. A 2016 ya sanar cewa da sabuwar ƙa'idar aka bi, da ribarsa ta 2015 ta ragu da kusan fam miliyan 900. Kuɗin da ke shiga asusunsa bai canza ba, shekarar da ake rubuta riba ce ta matsa gaba.

Abin na iya juyawa ta ɗaya gefen. Da asibitin ya biya miliyan 6 kawai a farko, sauran a riƙa biya wata-wata muddin ana zuwa kulawa, kamfanin zai rubuta cinikin 9,120,000 a Satumba duk da haka, tunda ya cika waɗannan alkawura biyu. Bambancin 3,120,000 zai zauna a ɓangaren dukiyarsa, a matsayin haƙƙin da ya samu amma bai isa ya nema ba sai ya ci gaba da aiki. Haka kamfanonin waya ke yi idan sun ba ka salula "kyauta" a kan ka riƙa biyan kuɗin layi na shekara biyu: wani kaso na kuɗin da za ka biya nan gaba kuɗin salular ne, kuma tun ranar da ka fita da ita aka rubuta shi.

Abubuwa biyu sun fi ciwo a ƙasa mai hauhawar farashi irin tamu. Rabon da aka yi ranar sa hannu ba a sake shi don farashi ya tashi. In a 2026 kamfanin yana karɓar 200,000 a wata daga sababbin abokan ciniki, na asibitin yana nan a 80,000, ko da man mota ya ninka. In har abin ya kai ga yarjejeniyar ta koma ta asara, IAS 37 ta ce a rubuta asarar da zarar an hango ta, kada a jira ta iso. Na biyun kuwa, wanda ya biya ka kuɗin shekara uku tun yau kamar rance ya ba ka. Idan tazarar biya da aiki ta wuce shekara guda kuma darajar jinkirin tana da yawa, ƙa'idar ta ce a ware ta a lissafa daban. Na bar wannan a gefe don kada lissafin asibitin ya cushe, amma a ƙasar da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, akanta ba zai ɗaga kafaɗa ya wuce ba sai ya rubuta dalilinsa.

Mai karatu da ke da hannun jari, ko mai shirin ba wani kamfani bashi ko haɗa jari da shi, yana iya gano abubuwa da yawa ba tare da ya zama akanta ba. A bayanan da ke bin rahoton shekara, ƙa'idar ta wajabta wa kamfani ya faɗi yawan kuɗin da ya karɓa kafin aiki, da darajar alkawuran da bai cika ba tukuna, da lokacin da yake sa ran cika su, da yadda ya yi ƙiyasin farashi. Kamfanin da ke talla da "kulawa kyauta ta shekara uku" amma babu bashin yarjejeniya a littafinsa, ko dai ya cinye kuɗin baɗi, ko ba ya nufin zuwa gyaran. Wanda kuma cinikinsa ke hawa kowace shekara, haƙƙin da bai isa nema ba yana hawa fiye da cinikin, kuɗin hannu kuma shiru, a tambaye shi da wane ma'auni yake auna ci gaban aiki, kuma wa ya je ya gani.

In kai ne mai kamfanin, ka ba akantanka yarjejeniyar kanta ya karanta tun kafin a sa hannu, kuma ka riƙa adana rasitan abin da ka sayar shi kaɗai, domin su ne hujjarka ranar da odita ya tambayi inda 100,000 a wata ta samo asali. Shi dai Alhaji, 80,000 ta ƙarshe daga kuɗin da ya gani a banki tun 2024 ba za ta shiga layin ciniki ba sai ƙarshen Satumba na 2027, bayan yaransa sun hau rufin asibitin sun yi wankin farantai na ƙarshe.